Mai Gadi a Gaban Alƙalan Gasa

Na haura shekara hamsin kafin in iya rubuta sunana, kuma wadda ta koya mini 'yar ƙanwata ce, wadda muke kira Auta. Ni mai gadin ƙofar jami'a ne, ita kuma ɗaliba a sashen kasuwanci. Ta san halina na girman kai, shi ya sa ba ta taɓa tilasta ni karatu gaban jama'a ba. A ɗakin gadi take samuna, ta saki labule, ta ɗora takarda kan benci, mu fara.

Daga nan ta sami dabarar sana'arta. Ta tara 'yan uwanta ɗalibai suna bin magidanta da 'yan kasuwa har wuraren aikinsu suna koya musu karatu, mutum ɗaya da malami ɗaya, ana biya mako-mako. Da jami'a ta buɗe gasar sababbin sana'o'i, ta shiga, domin duk wanda ya yi nasara za a ba shi jari da ofis. Ba tare da wannan tallafin ba aikin ba zai ɗore ba, domin malamanta sun fara gajiya da biyan kuɗin mota daga aljihunsu.

Ana gobe gasar ta zo ta ce, "Kawu, alƙalai za su nemi shaida. Ka yarda in ambace ka?"

Na ce, "Ni da nake tsare manyan malamai a ƙofa in nemi katinsu? Ki bar ni da mutuncina."

Ta yi murmushi. "To Kawu, na bari. Amma gobe ka zo ka zauna ko a baya ne."

Na je, sanye da kakin aiki, na zauna kusa da ƙofar zauren. Alƙalai uku ne a kan dogon tebur: wata malamar jami'a, wani ma'aikacin banki, da wani dattijo mai kamfanin sufuri. Auta ta tsaya gaban allon majigi, ta bayyana matsalar da take son magancewa, da mutanen da za su sayi hidimar, da abin da ake kashewa kan kowane darasi da ribar da ke saura. Mai kula da lokaci ya kaɗa ƙararrawa, aka shiga tambayoyi.

Ma'aikacin banki ya duba takardarta ya ce, "Lissafinki yana da rauni. Malami ɗaya ga ɗalibi ɗaya tsada ne. Me zai hana ki tara mutum ashirin a aji guda, kuɗin ya sauka, riba ta ƙaru?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, na gwada. Da na buɗe aji, babu wanda ya zo sai mutum biyu, su ma da suka ga juna ba su sake dawowa ba. Magidanci ba ya son maƙwabcinsa ya ji shi yana tuntuɓe a kan baƙaƙe. Sirrin shi ne abin da suke biya."

Malamar ta ce, "To ina ɗalibanki? Ko ɗaya babu suna a nan. Ta yaya za mu tabbatar akwai su?"

Na ga idon Auta ya nufo inda nake, sai ta kawar da shi da sauri, ta ce, "Na yi musu alkawarin ba zan faɗi sunansu ba."

Na ga malamar ta sunkuya tana rubutu, na gane maki ne yake zubewa. Yarinyar nan ta zaɓi ta rasa jarin maimakon ta saɓa mini. Ban san lokacin da na miƙe ba.

Na ce, "A gafarce ni. Ni ɗalibinta ne."

Malamar ta cire tabarau. "Ba kai ne kake duba katina kullum da safe ba?"

"Ni ne, ranki ya daɗe. Shekara da shekaru hoton kawai nake dubawa. Bana na fara karanta sunan."

Zauren ya ɗauki dariya, ni ma na dara. Dattijo mai kamfanin sufuri ya miƙo mini takardar tsarin gasar. Na karanta sakin layi na farko a hankali, na tsaya a kalma ɗaya, na sake ta, na wuce. Babu wanda ya yi tari.

Auta ba ta zo ta ɗaya ba, wasu masu manhajar waya ne suka ɗauka. Ta biyu ta zo, da rabin jarin, babu ofis. Amma a bakin zauren dattijon ya ja ta gefe, ya ce yana da direbobi da yawa masu irin larurata, zai ba ta ɗaki a garejinsa, mai ƙofa ta baya.

Da muka fito ta riƙe hannun rigata ta ce, "Kawu, ina mutuncin da ka ce in bar maka?"

Na ce, "Yana nan, Auta. Sai dai kalmar da na yi tuntuɓe a kanta, ki zo gobe ki nuna mini. Kuma ba sai kin saki labule ba."