Garin da Layinsa Ya Kwanta

A wata bazara da sanƙarau ya ɓarke, ina sabuwar ma'aikaciyar jinya a Malumfashi, direba ya kawo mana wata ambulan a liƙe daga babban likita a Funtua. Takarda ɗaya ce a ciki, zanen jadawali. Babu wasiƙa, babu ko sa hannu.

"Me ya ce a yi da shi?" in ji Malam, shugaban ofishinmu.

"Miƙo min kawai ya yi," in ji direba.

Malam ya ce in faɗi abin da na gani. Na ce watanni ne jere a ƙasa, yawan masu ciwo a gefe, sai layi uku, kowanne na wani ƙauye mai ɗakin shan magani. Biyu sun haura tun daga Fabrairu. Na uku ya fara hawa, sai ya faɗo kan sifili ya kwanta.

"Wannan kwatance ne," in ji Malam. "A taƙaice, gari biyu na cikin wuta, ɗaya ya tsira. Allurar rigakafin ba ta da yawa, a kai wa biyun."

Sista, dattijuwar da ke koya min aiki, ta jawo takardar gabanta. "Malam, taƙaitawarka daidai ce, in zanen gaskiya ya faɗa. Ni zanen nake tuhuma. Kasuwarsu ɗaya da sauran. Yaya ciwo zai yanke tsaf ana tsakiyar zafi? Kuma bai bambance 'babu mai ciwo' da 'babu rahoto' ba."

Malam ya ce a tada mota.

Mun shiga gari na ukun da azahar. Ba ƙarar turmi, ba yaro ɗaya da ya biyo mota. Awaki na kwance a ƙofar ɗakin shan magani, kwado a garƙame, gizo-gizo ya yi saƙa a kansa. A bayan gari na hango tsibi-tsibin jar ƙasa sababbi, jere, an rufe su da ƙaya. Da yawansu gajeru ne.

Wani tsoho ya fito daga zaure yana dafa bango. Sista ta gaishe shi, ta tambaye shi ina mai ba da magani.

"Ai yana cikin na farko-farko," ya ce, ya nuna bayan gari da haɓa. "Mun zaci kun sani."

Ashe tun rasuwarsa ba a sake aika rahoto ba, akawun da ya yi zanen kuwa duk watan da bai ga takarda ba sai ya ɗiga sifili.

Washegari a garin muka fara allura. Mata suka riƙa fitowa ɗaya-ɗaya. Wata ta miƙo min hannunta da zanen goyo ɗaure a ƙirji, bayanta kuwa babu kowa. Na yi mata, ta gyara ɗaurin, ta koma gida.