Kunnen da Kalilu Bai Faɗa Ba

Kalilu mutum ne da kunya ta yi wa yawa, kuma ni da na yi shekaru ina sayar da zare a shagon da ke jikin nasa a Daura, na sha gaya masa haka. A ƙuruciyarsa takardu yake buga wa mutane a bakin kotu. Da idon mahaifinsa ya tafi, kullum sai ya karanta wa tsohon duk takardar da aka liƙa a bangon masallaci. Tsohon ya rasu, Kalilu bai daina ba. Sai ma ya koma yi wa makafin gari gaba ɗaya.

Aikin ba wuya a ido, amma yana cin rai. Zai ɗauki hoton sanarwa da waya, manhaja ta zare rubutun, shi kuma ya bi layi-layi yana gyara ɓarnar da ta yi. Ta Turanci ya mayar da ita Hausa, lambobi ya rubuta su da kalmomi. Sannan ya ba na'ura ta karanta, ya saurara, ya tura wa masu babbar waya ta WhatsApp, masu ƙarama kuma ya zuba musu a katin memori. Muryar ba daɗi, kamar Bature ya koyi Hausa a rediyo, amma ba ta gajiya, ba ta tsawa in an ce ta maimaita. Abu ɗaya ne ba ta iyawa: hoto. In takarda na da hoto, sai Kalilu ya rubuta abin da ya gani, ita kuma ta karanta.

Cikin masu zuwa da memori akwai Hajo, wadda ƙyanda ta makantar tun tana ƙarama. Ɗanta ɗaya, Munzali, ɗan acaɓa ne, yakan bi fasinja har wajen Mashi ya kwana biyu. A wannan karon ya wuce yadda ya saba, wayarsa kuma a kashe.

Ana cikin haka aka liƙa wata sanarwa. An tsinci gawar wani saurayi a gefen titi, ba waya, ba babur, tana asibiti. In ba a sami danginsa ba zuwa Juma'a, za a yi masa sutura. A sama ga hoton fuska ta kumbura. Kalilu bai taɓa ganin Munzali ba. Ya rubuta: saurayi baƙi, siriri, da riga shuɗiya. Ya ga saman kunnen hagu a guntule, tsohon tabo ne, amma ya tsallake. Na tambaye shi dalili.

“Haba, mamaci ne fa,” ya ce. “Ba a tona aibin gawa.”

Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi. Shuɗi! Wa makauniya! Matar da ba ta taɓa ganin rigar ɗanta ba, me za ta yi da shuɗi? Kalilu ya yi shekaru yana yi wa makafi aiki, amma ran nan da idonsa ya yi tunani.

Juma'a ta zo, aka binne saurayin, mutanen da ba su san sunansa ba suka yi masa salla. Sai bayan nan wani abokin sana'ar Munzali ya tsaya gaban bangon, ya ƙura wa hoton ido, ya yi salati, ya ce Munzali ne.

Bayan an share makoki, Hajo ta zo shagon, ƙanwarta Lami na riƙe da bakin sandarta. Kalilu ya sauko daga kujera ya durƙusa.

“Inna, ya haƙuri?”

“Haƙuri sai ma'aiki. Ɗan nan, hoton yana wajenka?”

“Yana nan, Inna.”

“To duba ka gaya mini duka. Kar ka rage komi.”

Ya buɗe wayar. Ya faɗi goshi, ya faɗi hanci. Da ya zo kan kunnen, shi ma ya faɗa.

“Gwangwani ne ya yanke shi yana rarrafe,” in ji Hajo. “Da wannan kunnen nake gane shi cikin yara. Ka gan shi ran nan?”

“Na gani, Inna.”

Lami ta fara yi wa Kalilu faɗa, Hajo ta ɗaga mata hannu. Ni kam kuka nake a bakin ƙofa, ban ɓoye ba.

“Da ka faɗa, da na je na shafa fuskarsa kafin a rufe,” ta ce. “Na ji sanarwar nan ranar Laraba, na maimaita, na sake maimaitawa. Har na ce wa Lami, Allah sarki, ɗan wani. Na ɗaga hannu ina roƙon Allah ya ba uwarsa haƙuri.”