Da'irar da Ta Ƙi Ɗaukar Gaisuwa

Shekara tara ke nan Khairunnisa tana tsara shafuka a wata ƙaramar maɗaba'a a Daura, kuma kowa ya san ta da hali guda: ba ta rage girman harafi. Mahaifinta da furfurarsa ya koyi boko a ajin yaƙi da jahilci, ta sha ganin yana kai takarda har hanci kafin ya haƙura ya ajiye.

Wata Laraba aka kawo mata littafin zane kan adana wake, na manoman Sandamu. A Turancin, kalma huɗu kacal malamin gona ya faɗa wa wani dattijo, cikin 'yar da'irar da ake rubuta magana. Malam Jibril mai fassara ya mai da su goma sha uku, don ya sa sallama da tambayar iyali.

Ta tashi, ta zauna. Ta karya layukan, gajeru sama da ƙasa, dogaye a tsakiya, suka ƙi shiga. Ta faɗaɗa da'irar, sai ta cinye hular dattijon.

Ta ce, "Malam, a cire gaisuwar nan."

Malam Jibril ya ce, "Malamin gona ya tsaya kan dattijo ba sallama? Matse rubutun kawai."

"Wa zai karanta, tururuwa?"

Can ta hango fili a saman rumbun da aka zana. Ta ɗora da'ira ta biyu, ta haɗa su da ɗan wuya, gaisuwa a sama, zancen wake a ƙasa.

Da yamma ta miƙa wa mahaifinta shafin. Ya riƙe shi nesa da fuska, ya karanta sallamar a bayyane, sannan ya amsa ta.