Goggo da Layi na Tara

Muna sakandare malamar Faransanci ta sa mu rubuta sone, waƙa mai layi goma sha huɗu. Takwas na farko su kafa magana. A na tara waƙar ta juya, amsa-amo ya sake, shidan ƙarshe su dubi maganar ta wata fuska ba tare da sun ƙaryata ta ba.

Na yi tawa a kan unguwarmu, New Bell, na zauna ina fassara wa Goggo, yayar babana, tana tuyar ƙosai. Layi takwas na zazzage wa unguwarmu: kwata, sauro, lungun da ko babur sai ya karkace, ruwan sama da ke shigo mana ɗaki.

Goggo ta ɗaga matsami. "Marar kunya! Nan aka binne cibiyarki."

"Goggo, saura shida."

Na tara ya buɗe da "amma". Lungun dai shi ne, sai dai matsinsa ya sa in ka yi tari maƙwabci ya ji. Ruwan ma shi ne, yana shigowa hannu goma ke ɗaga katifarka.

Ta ce, "To, me ya hana ki fara da wannan?"

Haushi ya kama ni, na juya mata layukan, shidan ƙarshe suka dawo gaba. Yabon ya fito salam, ba dalili, waƙar kuma ta ƙare a cikin kwata.

Goggo ta juya ƙosanta.

"Mayar da zagin gaba. Kuma kin manta ɓeraye."