Inci Huɗun da Na Sa Tela Ya Rage

A sati guda muka shiga gidan motsa jikin nan na bayan kasuwa a Talata Mafara, ni da taubashina, ɗan kawuna. Ni likita ne ya tura ni, bayan ya dubi tumbina ya dubi awon jinina ya girgiza kai. Shi ba wanda ya tura shi. Ya ji labari ne ya biyo ni daga Bakura a kan babur, don kawai ya samu abin tsokana.

Ni malamin makaranta ne, shekara ashirin ina koyar da Hausa, ban taɓa ɗaukar abin da ya fi alli da littattafan ɗalibai nauyi ba. Shi kuwa manomin shinkafa ne a Bakolori, ya tashi yana saɓa buhu, ya kuma taɓa kokawa da ƙuruciya. Kafin wata guda kafaɗunsa sun buɗe, damatsansa sun cika hannun riga. Ni ina nan yadda nake, sai dai ƙarin ciwon gwiwa. Ba zan ɓoye ba, ƙyashi ya kama ni. Idan ya ɗaga ƙarfe samari suka yi masa tafi, sai in ji kamar an watsa mini barkono a ido.

"Malam, mi kake ɗagawa nan?" in ji shi. "Wanga ƙarhe ai ko ɗiyata ta ɗauke shi ta tai rijiya."

Wasan taubasai ne, ba a fushi da shi. Na yi dariya, amma a baki kawai.

Ana haka aka sa ranar auren ɗiyar ƙanwarmu a Maradun, saura sati shida, aka fitar da anko na shadda ruwan toka. Tare muka je wajen tela. Ya auna taubashina, ya auna ni, ya faɗi lambar cikina da ƙarfi kamar mai shela. Taubashin ya yi dariya har da riƙe ƙofa. Da ya fita, na koma na ce wa tela ya yi mini ɗinkin zamani mai kama jiki, ya kuma rage inci huɗu a ciki da ƙugu. Ya ce, "Malam, in na yanke hwa ba ta komawa." Na ce ya yanke.

Daga ranar na haukace. Na daina karin kumallo. Kullum ina jim, wato gidan motsa jikin, ba ranar hutu. Na riƙa naɗe cikina da leda a ƙarƙashin riga don gumi ya narkar da kitsen, ina hawa sikeli safe da yamma. Sannan na fara zargin cewa kocin, wato mai horar da mu, yana ba taubashina wani abu a ɓoye. Na ja kocin gefe na ce na ji akwai allurar da ake yi wa masu ɗaga ƙarfe, ya samo mini, in kuwa ba zai iya ba zan koma inda za a yi mini.

Kocin nan tsohon ɗalibina ne. Har yau ba ya haɗa ido da ni, in zai gyara mini tsayuwa sai ya ce, "Gafarta Malam, da za a ɗan miƙe baya." Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Malam." Na san irin wannan "to" ɗin, kunya ce ta hana shi musa wa babba a gaban idonsa.

Washegari na tarar da ambulan a cikin kwandon babur ɗina. Wasiƙa ce, adireshi a dama, kwanan wata a ƙasa, gaisuwa sakin layi guda, daidai yadda na koya musu a aji uku. Bayan gaisuwar ya rubuta:

"Malam, abin da ba zan iya faɗa maka da baki ba ne na rubuta. Allurar da ka nema ba na yin ta, ban kuma yi wa ɗan uwanka ba. Tana lalata hanta, tana ƙara hawan jini, kai kuma hawan jini ne ya kawo ka. Ledar da kake ɗaurawa ruwa take fitarwa, da ka sha ruwa nauyin ya dawo. Kitse ba ya barin wuri guda don an matsa masa, a jiki duka yake raguwa, sau da yawa na ciki ne ke jinkiri. Idan ka zo sau uku ko huɗu a sati, ka yi tafiyar ƙafa kullum, ka rage tuwon dare da lemon kwalba, ka ci wake da ƙwai da kifi, ka yi barci sosai, za ka iya rage kamar rabin kilo a sati. Wani satin sikeli ba zai motsa ba, wannan ba komai ba ne. A sati shida ka sa ran inci ɗaya, in an yi sa'a da rabi. Inci huɗu aikin watanni ne.

"Ɗan uwanka ba da kai ya fara ba. Jikinsa ya san nauyi tun yana yaro, tuna masa kawai muka yi. Kai ran da ka zo ba ka iya minti biyar a kan keke ba, jiya ka yi ashirin kana hira. Ka gafarce ni in na wuce gona da iri."

Abin da ya fara zuwa mini shi ne, wa ya gaya masa zancen inci huɗu? Tela, ba shakka. Na biyu kuma, na ɗauki jan biro ina neman kuskure, ko da waƙafi ne. Ban samu ba, wannan ma ya ƙara mini haushi. Kwana uku ban je jim ba. Ran na huɗu na koma ba leda, na karya da ƙosai da kunu.

Ranar biki na gwada rigar. Ta shiga kafaɗa, ta tsaya cak a kan ciki. Matata ta juya baya, kafaɗunta suna rawa. Da tsohon farin kaftanina na je Maradun, ni kaɗai a cikin maza goma sha biyu masu ruwan toka. Taubashina ya tsaya a tsakiyar hoto, rigar ta zauna masa kamar a jikinsa aka saƙa ta. Ya ce a sa ni a gefe kada a ɗauka limami ne.

Na ci gaba da zuwa, sau uku a sati. Kocin yana auna ƙuguna da tef a farkon kowane wata. Wani watan rabin inci, wani watan ba komai, watan azumi da salla ma sai da na ƙaru. Awon jinina ya sauka, likita ya yaba, amma ni rigar nake kallo a rataye.

Ta shige ni bayan wata goma sha ɗaya, daidai lokacin da amaryar nan ta haihu. Na sa ta na tafi suna, ina tafiya ina shafa gabana. Ni kaɗai ne da anko. Taubashina yana zaune a kan tabarma cikin wata sabuwar riga, ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Sannu da zuwa biki, Malam. Amarya ta riga ka da ɗa namiji."

Na ce, "Kai ina taka? Ko ka sayar?"

"Tawa? Ai na ba da ta tun bayan salla. Matse ni takai ga kahwaɗa."

Na zauna kusa da shi, na karɓi goro, na kasa taunawa.