Tutar da Ba Ta Tashi Ba

Ina da shekara ashirin da tara aka ba ni ajin ma'aikata a wata makarantar horaswa a Dutse, in koya musu yadda cikin kwamfuta yake aiki. Lokacin ofisoshi sun fara karɓar kwamfuta ɗaya-ɗaya, ana lulluɓe ta da zane kamar amarya, masu buga tafireta kuwa hankalinsu duk ya tashi. Yawancin ɗalibaina su ne. Da yawa sun girme ni, amma hakan bai hana ni ɗaga kai ba, don a ganina duk garin babu wanda ya san abin nan kamar ni.

Na'urar gwaji guda ɗaya muke da ita, wani allo mai maɓallai da ɗan gilashin da ke nuna lambobi ja, da ƙwaƙwalwa mai lamba 8085 a tsakiyarsa. Wuta ba kullum take zuwa ba, saboda haka a kan allon bango muke yawancin aikin. Nakan zana akwatuna uku. Na farko kawunta, wanda ke riƙe da adireshin inda za a ɗauko abu na gaba a memori, wato ma'ajiyar na'urar. Na biyu akumuleta, wurin da lambar da ake aiki da ita take zama. Na uku tutoci, waɗanda ke faɗin yadda lissafi ya ƙare: in sakamako ya fito sifili, tutar sifili ta tashi, in ba haka ba ta kwanta. Sai mu bi umarni ɗaya bayan ɗaya da alli. A ɗauko, a fassara, a aiwatar. Na maimaita kalmomin nan uku har masu shara suka haddace.

A layin mata, can ƙarshe, akwai wata baiwar Allah da ta zo daga sakatariyar ƙaramar hukumar Miga. Bafulatana ce, mai buga tafireta, shekararta goma sha a kan aikin. Hutun karatu na shekara ɗaya aka ba ta, tana zaune wajen gwaggonta a unguwar Takur, ta bar yara a gida. Kowa a ajin ya san maganarta: an kawo kwamfuta ofishinsu, an ce wanda ya fara kawo takardar shaida shi za a ɗora a kanta. In ta ci, teburin nata ne. In ta faɗi, hutu ya ƙare, babu ƙari. Ba ta cika magana ba. Da yake hannunta da sauri, ita na ba littafin na'urar a farkon zango, na ce ta bugo mana jadawalin umarnai a raba wa aji. Ta bugo shafi shida tsaf, na karɓa na raba, ni kaina ban tsaya karantawa ba. Me zan karanta, ni da na sani?

A jarrabawar ƙarshe na ba da tambaya mai maki ashirin. Akumuleta na ɗauke da biyar. A adireshi 2000 akwai umarnin a ɗebe biyu. A 2002 akwai umarnin a ɗauko abin da ke 2050 a zuba a akumuleta, abin da ke can kuwa sifili ne. A 2005 akwai umarnin a tsallaka zuwa 2020 in tutar sifili tana sama. Tambaya: a nuna abin da ke cikin akwatunan uku a kowane mataki, a faɗi inda kawunta zai tsaya. Amsata 2020 ce. Haka na koyar, haka ajin ya rubuta, ban da ita. Ita 2008 ta rubuta. Raina ya ɓaci da na gani, na ja jan biro a kan rabin shafin na zabge maki goma. Da na tara, maki huɗu suka hana ta ci.

Ranar Lahadi na gama maki, Litinin da safe na kira su aji na karanta wa kowa nasa, kamar yadda muka saba kafin a miƙa wa hukumar makaranta, wadda za ta zauna ranar Laraba ta buga hatimi. Bayan an watse ta zo ofishina tare da wata abokiyarta, suka tsaya a bakin ƙofa. Ta gaishe ni har da tambayar mutanen gida, sannan ta ce, “Malam, don Allah ina son in gane inda na ɓata.”

Na ce, “Hajiya, abin a fili yake. Me ke cikin akumuleta bayan umarni na biyu?”

“Sifili.”

“To, sifili ya shiga, tuta ta tashi, an tsallaka. Sau nawa na faɗa a aji?”

Ta buɗe jakarta ta fito da jadawalin nan da ta buga, duk ya sha ninki. Ta ce, “Gafarta Malam, bari in bi shi yadda ka koya mana. Kawunta yana 2002. An ɗauko abin da ke wurin, kawunta ya ƙaru ya zama 2003, tun ba a san ko mene ne aka ɗauko ba. Aka fassara, aka ga umarnin ɗauko kaya ne, yana buƙatar adireshi, adireshin kuma gida biyu ya ci a memori. Aka ɗauko su, kawunta ya kai 2005. Sannan aka aiwatar, sifili ya shiga akumuleta. Har nan mun daidaita ko?”

Na ce mun daidaita.

“To ai ba lissafi aka yi ba, Malam, kaya aka kawo aka ajiye. Tutar tana nan yadda ɗebe biyu daga biyar ya bar ta, uku ya fito, a kwance take. Da aka zo umarnin tsallake, an ɗauko gidajensa uku, kawunta ya kai 2008, aka duba tuta, ba ta tashi ba, sai aka bar shi a nan. Ga shi a jadawali, layin wannan umarnin babu komai a ƙarƙashin tutoci, ɗan jan layi ne kawai. Ni na buga shi, har na ɗauka inji ne ya tsallake, na koma na duba littafin.”

Ban ko kalli takardar ba. Abin da ya cika mini ciki shi ne abokiyarta tana ji, kuma masinja yana wucewa. Na ce mata buga abu daban, gane shi daban, kuma ba a tafireta na koyi wannan ilimi ba. Har yau in na tuna wannan magana sai in ji kunya ta rufe ni. Ta ninke takardarta ta ce, “Allah ya ba da haƙuri, Malam,” suka tafi.

Bayan azahar aka kawo wuta. Na shiga ɗakin gwaji ni kaɗai na rufe ƙofa, wai don in tabbatar wa kaina. Na shigar da umarnan uku, na sa sifili a 2050, na sa biyar a akumuleta, na shiga danna maɓallin da ke tafiyar da na'ura mataki ɗaya-ɗaya. Gilashi ya nuna 2002. Na danna, 2005. Na sake dannawa. 2008.

Na goge na sake, har sau uku. A na ukun ne na gane daga inda abin ya fito. Inda na yi karatu, wata ƙwaƙwalwa muka yi amfani da ita, mai lamba 6502, ita kuwa ko ɗauko kaya aka yi zuwa akumuleta sai ta gyara tutar sifili. Da wannan na zo Dutse a kaina, na ɗora wa na'urar da ba halinta ba ne, na koya wa mutum talatin da wani abu har zango guda. Mutum ɗaya ce ta karanta abin da ke gabanta.

Gyaran ba wuya gare shi. In je wajen shugaban sashe in ce a dakatar da sakamakon, a mayar mata da makinta goma. Amma zai tambayi dalili, in na faɗa zai ce sauran fa, da suka rubuta kuskure na ba su maki? Daga nan sai maganar ta kai ɗakin malamai, inda akwai dattijai biyu waɗanda dama suke cewa yaron nan rawar kansa ta yi yawa. Na ce bari in kwana a kai. Talata na je har ƙofar ofishinsa, na tarar da baƙi, na ji daɗin tarar da su, na juya. Da yamma a gida a Limawa na zauna a zaure, mahaifina yana biya wa manyan ɗalibansa karatu. Ya yi tuntuɓe a wata aya, wani daga baya ya ɗaga murya ya gyara masa, ya karɓa ya maimaita ya wuce, ko ɗagowa bai yi ba. Tun ina yaro nake ganin haka. Na tashi na shige ciki.

Laraba na ce wa kaina ai zaman hukuma yakan ɗage. Bai ɗage ba.

Sai Alhamis na shiga. Shugaban sashe mutum ne mai sanyi, ya saurare ni har ƙarshe, ya cire tabarau ya ce, “Malam, ina ma jiya da safe ka zo. Da biro kawai zan sa.” Yanzu an buga hatimi, an aika sunaye ma'aikatu. Gyara sai an rubuta takarda, sai hukuma ta sake zama, zaman kuma sai ƙarshen zango mai zuwa. Na rubuta takardar a tsaye a teburinsa, na faɗi komai ban rage ba. Dattijan ɗakin malamai sun yi dariyarsu ta kwana biyu suka manta, abin da na yi ta tsoro ke nan. Bayan wata huɗu aka gyara, takardar shaidarta ta fito. Kafin nan an ɗora wani a kan kwamfutar Miga, wanda ya yo kwas ɗin wata uku a Kano.

Amma a ranar Alhamis ɗin ban san duk wannan ba tukuna, ko in ce na sani ina ƙin sani. Na aika a kira ta. Ta zo da abokiyar nan tata, da jakar kaya a hannu, don motar Miga za ta bi. Wannan karon na miƙe tsaye. Na ce mata ita ce da gaskiya, na gwada a na'ura, 2008 ne. Na ce na rubuta takarda, za a gyara in sha Allahu, sai dai zai ɗauki lokaci. Na ce ta yafe mini maganar da na faɗa mata.

Ta ce, “Babu komai, Malam, Allah ya yafe mana baki ɗaya.” Ta gyara mayafi. Ta san ranar zaman hukuma kamar yadda na sani, duk ajin sun sani. Sai ta ce, “Yaushe ka gwada?”

Da na ce jiya, babu wanda zai ƙaryata ni, ni kaɗai ne a ɗakin. Na ce, “Ran Litinin. Bayan azahar.”

“Litinin,” in ji ta, a hankali, kamar mai duba kalma a takardar da za ta buga. Ta sunkuya ta ɗauki jakarta, ta ce a gaida mutanen gida.