Cizon ƙarfen Kawu Bari-Ya-Bushe

Kawuna mai faci ne. Wan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shekara talatin da huɗu ya yi yana zaune a jikin katangar tashar 'yan babur, da daron ruwa, da famfon hannu, da ƙarafan cire taya guda uku, da gwangwanin sholisho. Ni da na yi aji uku a sakandare na gudo na hau babur, shi ya fara ba ni labarin abin da ke cikin taya, ko da yake da ranƙwashi ya bayar.

Sunansa na gaskiya ya ɓace tun kafin a haife ni. Kowa Bari-Ya-Bushe yake ce masa. Dalili, in ka kawo taya ya cire tiyub, ya hura, ya tsoma a daro ya ga inda kumfa ke fita, ya share ruwan, ya kankare wurin da samfefa, ya shafa sholisho siriri, sai ya naɗe hannu ya zauna kamar ya tashi aiki. Kana tsalle kana cewa fasinja na jira, shi kuwa ko kallonka ba zai yi ba. "Bari ya bushe," abin da zai ce ke nan. Sai sheƙin sholishon ya mutu ya koma danƙo zai ɗora faci, ya danne daga tsakiya zuwa gefe, ya bubbuga da ƙotar guduma. Wai mai ɗora faci a ɗanyen sholisho, gara ya liƙa da miyau ya huta. Ya taɓa gaya wa ɗan sanda bari ya bushe, kuma ɗan sandan ya bari.

Inna ta ce tun yana yaro haka yake. An kai shi koyon ɗinki ya ce zaren ya yi masa siriri, an kai shi kafinta ya yi faɗa da maigidan a kan ƙusa. Facin nan kaɗai ya zauna masa, da shi ya yi aure, da shi ya aurar da 'ya'ya huɗu.

Sai idonsa ya fara yana. Na hagu ya tafi gaba ɗaya, na dama kuma yana ganin mutum kamar ta cikin leda. Ya daina dogara da kumfar daro, ya koma kai tiyub kusa da leɓensa yana juyawa har ya ji iska na hura shi. Mu da muka sani muka yi shiru. Amma Ciyaman, shugaban tashar, ya lura. Kuma yana da ƙanin mata da ya sayi injin hura taya mai ƙara kamar jirgi, yana neman inda zai girka. Wurin da ya fi kyau a tashar kuwa shi ne gindin katangar Kawu.

Wata safiya Mai Biredi ya turo babur ɗinsa, tayar baya a kwance, akwatin biredi ya fi shi tsawo. Mutum ne mai haƙuri amma ranar ya makara, masu shaguna na jiransa. Kawu ya ciro ƙusa, ya shafa sholisho, ya zauna jiran bushewa. Ciyaman ya zo ya tsaya a kansa yana sakace.

"Baba, bushewa kake jira ko ramin kake nema har yanzu?"

Aka yi dariya. Kawu ya fizgo tiyub ɗin. Ya ɗora faci, ya cusa tiyub, ya mayar da taya cikin sauri irin wanda ban taɓa gani a wurinsa ba, ƙarfe na ƙara a jikin rim, zoben ƙarfen da taya ke zaune a kai. Ya buga famfo ya ce, "Ɗauki abinka." Har wani ya tafa masa.

Ba a yi awa ɗaya ba sai ga Mai Biredi yana turo babur da ƙafa, gumi har cikin takalmi, tayar ta sake kwanciya. Rabin shagunansa sun karɓi biredin wani.

Ciyaman bai ɓata lokaci ba. Ya tara mu a gindin katanga ya ce shi ba ya son wulaƙanta dattijo, amma tasha ba asibitin ido ba ce. Yau biredi ne, gobe mace mai ciki ce a bayan babur. In facin Baba ne ya saki, wurin nan ya tashi daga hannunsa.

Na matsa kusa da Kawu na yi ƙasa da murya. "Kawu, hanyar da yake bi duk ramuka ce, ga lodi. Ka ce rami ya faɗa rim ya matse tiyub. Wa zai gane? Ciyaman bai san bawul ba bare inda yake."

"Kai da ka gudo daga makaranta, yau kai ne lauyana?"

"Kyauta ma zan yi maka."

"Matsa min daga haske."

Ya kwance tayar a gaban kowa. Ya saki sauran iskar, ya kwance notin bawul, wato bakin hura iska, ya taka gefen taya da dunduniya har ta rabu da rim, ya ɗaga gefe ɗaya da ƙarfe, ya zaro tiyub. Ya hura shi ya miƙa wa Ciyaman. "Tsoma da hannunka, kada a ce makaho ya yi maguɗi."

Ciyaman ya naɗe hannun riga ya tsoma. Facin ya shiga ruwa, ko kumfa ɗaya. Ya danna, ya murɗa, shiru. Muka fara murmushi. Ya ci gaba da juyawa, sai can nesa da facin, a gefen tiyub, kumfa ta taso sirara.

"To ai facinsa na nan daram," in ji wani. "Sabon rami ne."

Mai Biredi ma ya ce, "Gaskiya na faɗa wani rami wajen gada, Baba. Wataƙila shi ne."

Ga ƙofa an buɗe masa, har mai kayan ya riƙe masa labule. Kawu ya karɓi tiyub ya shafa wurin da babban yatsa, ya daɗe yana shafawa.

"Ba ramin hanya ba ne," ya ce. "In rami ne, rim zai sare shi wuri biyu, tsaga biyu a jere kamar saran maciji. In ƙusa ce, ta saman da ke taka ƙasa za ta shiga, ramin a zagaye. Wannan tsaga ɗaya ce a gefe, a lanƙwashe. Bakin ƙarfena ne. Ni na cije shi."

Ni kam ji na yi kamar in shige daron.

Ciyaman ya gyara tsayuwa. "Ka ji ko? Da bakinka. Idon ne, Baba, ba laifinka ba ne."

"Kada ka yi min wannan alherin. Laifina ne, kuma ba na ido ba ne. Tiyub in za a mayar, ana hura masa 'yar iska ya yi jiki, don kada ya kwanta ya naɗe ƙarfe ya kama shi. Ban hura ba. Na tsallake ne don in nuna maka ina da sauri. Shekara talatin da huɗu ban yi wa kowa sauri ba, yau na yi wa mai sakace. Wannan shi ne abin kunyar, ba idona ba."

Wani ya tuntsire da dariya ya mayar da ita tari.

Kawu ya tashi ya buɗe akwatinsa ya ɗauko sabon tiyub a kwali. Mai Biredi ya ce a yi faci kawai, Kawu ya ce tsagar gefe ba ta son faci, wurin kullum lanƙwashewa yake, kuma abin da ƙarfensa ya ci shi zai maye. Ya zauna ya ware ƙafa, ya jawo tayar.

"Ku matso ku kalla, tunda ku ne masu ido."

Ya zura hannu cikin taya ya zagaye ta da yatsu a hankali, ko akwai guntun waya da ya rage. Ya shafa robar da ke rufe kawunan wayoyin rim ya tabbatar ba ta goce ba. Ya hura wa sabon tiyub iska kaɗan har ya yi zobe, ya barbaɗa masa hoda, ya fara sa bawul a raminsa ya ɗaura noti sako-sako, sannan ya kwantar da sauran cikin taya yana bi da yatsa ko ya murɗe. Ya fara mayar da gefen taya daga ɓangaren da ke nesa da bawul, da hannu da dunduniya, ya danne shi da gwiwa ya faɗa cikin kwarin rim don sauran ya samu sassauci. Sai da ya rage kamar taƙi ɗaya ya ɗauki ƙarfe. Kafin kowane ɗagawa sai ya tura yatsa ya ture tiyub ciki, ya sa bakin ƙarfe kaɗan, ya ci ɗan wuri, ba ya bari ƙarfen ya wuce tsaye. Da ya zo kan bawul ya tura shi ciki, gefen taya ya faɗa da kansa. Ya bi zagayen taya ta gefe biyun yana matsawa yana saurare da yatsa, sannan ya kama famfo. Duk abin nan fuskarsa na kallon sama.

Mai Biredi ya hau ya zaga tasha sau biyu, ya dawo ya ce ta zauna.

Ciyaman ya ce aiki ya yi kyau, amma magana magana ce. An ce in laifin Baba ne zai tashi, kuma Baba ya amsa. Wasu suka fara cewa ai faci aka ce, faci kuwa bai saki ba. Kawu ya ɗaga hannu.

"Ku bar shi. Ba zan zauna a wuri da roƙo ba, ba kuma zan zauna da ƙarya ba. Ciyaman, ina ikonka ya tsaya?"

"Bakin kwalbati."

Kawu ya zubar da ruwan daro, saura kaɗan ya jiƙa takalmin Ciyaman. Ya tattara ƙarafansa, ya rungumi akwati, ya hana kowa taɓa masa. Ya taka har kwalbati yana laluben gefenta da ƙafa, ya tsallaka, ya ƙara taku biyu ya ajiye. Rana ƙwal a wurin, ba katanga ba inuwa.

"Nan fa?"

"Nan ba ruwana," in ji Ciyaman.

"To ka riƙe hakan."

Da yamma babbar 'yarsa ta zo da mijinta, ta ce Baba don Allah ka dawo gida ka huta, me aka rasa maka. Ya ce ba a rasa masa komai ba, in tana son taimakonsa ta aiko masa da tsohuwar lemar da ke bayan ƙofarta. Ta yi kuka, ya bar ta ta gama, ya ce lemar dai.

Washegari aka girka injin a gindin katanga, yana ta ruri. Mutane da yawa sun koma can, ba zan yi ƙarya ba, inji ya fi famfon hannu sauri. Kawu na can hayin kwalbati ƙarƙashin lema mai karyayyen haƙarƙari biyu. Wajen ƙarfe goma wani mai keken ruwa ya tsaya tsakanin su biyun da taya a kafaɗa, yana duban nan yana duban can. Kawu ya ji motsinsa ya ce, "In sauri kake ga inji can. Nan sai ka zauna." Mutumin ya tsallako, ya juya bokiti ya zauna.